Waiwaye: yadda rabon furotozowa gida huɗu ya fara tsagewa

Duk lokacin da jarrabawar ilimin furotozowa ta gabato, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanin ɗalibai da malamansu. Littafin aji ya raba waɗannan halittu masu ƙwaya ɗaya gida huɗu: amiba, masu bulala, wato dogon zaren da suke kaɗawa su yi iyo, masu gashi, da siforozowa. Sababbin littattafai kuwa sun ce rabon ya rushe. Wasu na ɗauka binciken ƙwayoyin gado na shekarun baya-bayan nan ne ya rushe shi dare ɗaya. Ba haka ba ne, tsagewar ta girmi duk wanda ke koyarwa a yau.

Farkon labarin sananne ne. Leeuwenhoek ya ga ƙananan halittu cikin ruwa a 1674, a 1681 kuma ya ga Jiyadiya a bayan gidansa. Goldfuss ya raɗa sunan furotozowa a 1818, Leuckart ya ware siforozowa a 1879, sannan Bütschli ya tsara gidajen huɗu a shekarun 1880. Madubin ƙara girma na wancan zamani motsi ya fi nunawa, saboda haka da motsi aka yi rabon.

Har yau tsarin yana aiki a ɗakin awo, shi ya sa nake ganin dole ɗalibi ya iya shi. A ce an kawo bayan gidan mai zawo, an ɗiga a gilashi tun da ɗuminsa. Idan ƙwayar tana miƙa wani sashe na jikinta gaba, sauran jikin ya kwarara ya bi, amiba ce. Da wannan ƙafar ƙarya take tafiya, da ita kuma take kewaye abinci ta haɗiye. In aka ga jajayen ƙwayoyin jini a cikinta, Entamiba ce mai kawo atini, wadda kan kai ga hanta ta tara ruwa. Idan kuwa ƙwayar tana juyawa kamar busasshen ganye mai faɗowa, Jiyadiya ce mai bulala takwas. Ita ba ta da baki. Mannewa take yi a bangon ƙaramin hanji tana tsotsar narkakken abinci ta fatarta, shi ya sa zawonta ke zuwa da maiƙo da wari, ba jini. 'Yan gidansu su ne Tirikomonas mai kawo wani nau'in ciwon sanyi, da Tiripanosoma da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai sa mutum ciwon barci, shanu kuma sammore.

Mai gashi ba ta ɓuya, domin ta fi sauran girma nesa. Gajerun gashi sun lulluɓe ta, suna kaɗawa tare, su tura ta gaba, su kuma koro abinci zuwa wani baki na dindindin. Balantidiyum kaɗai aka sani tana cutar da mutum a wannan gida, yawanci daga alade, kuma atini take kawowa. Siforozowa su ne aka ce ba su da gaɓar tafiya: Filasmodiyum na zazzaɓin cizon sauro, da Tokzofilasma, da masu sa kaji kashin jini. Cikin ƙwayar mai masaukinsu suke shiga su ci. Filasmodiyum sinadarin jan jini yake ci, ya bar wani baƙin saura da ake gani a madubi.

Inda aka fi tsallakewa a tarihin nan shi ne labarin wata 'yar ƙwaya ta babban hanji, Dayantamiba. A 1918 Margaret Jepps da Clifford Dobell suka bayyana ta. Ba ta da bulala ko ɗaya, da ƙafar ƙarya take tafiya, tana haɗiyar bakteriya. Duk sharaɗin da tsarin motsi ya gindaya ta cika shi, aka sa ta gidan amiba, har sunanta ya ɗauki amiba. Abu ɗaya ya ƙi zama daidai: galibin ƙwayoyinta cibiya biyu ne da su, wato ma'ajiyar kayan gado da ke cikin ƙwaya, alhali amibar hanji mai motsi cibiya ɗaya gare ta.

Dobell bai bar maganar ba. Ya ci gaba da renonta yana kallon yadda take rabuwa, a 1940 ya ce shi dai ba amiba yake gani ba. Ya lura akwai wani zare da ke haɗa cibiyoyin biyu, kuma irin rabuwar ta masu bulala ce. Ya kwatanta ta da Histomonas, ƙwayar da ke lalata hantar talotalo. Ita wannan tana da bulala idan tana cikin kogon hanji, amma da ta kutsa cikin nama sai ta yar da bulalar ta koma tafiyar amiba. Dobell ya ga cewa Dayantamiba na iya zama 'yar'uwarta da ta yar da tata bulalar har abada. Madubinsa bai isa ya tabbatar ba, littattafai suka ci gaba da lissafa ta cikin amiba fiye da shekara 30. Sai a 1974, da aka duba ta da madubin ilektaron, aka ga kayan cikinta irin na dangin Tirikomonas ne, aka mayar da ita cikin masu bulala. Binciken ƙwayoyin gado ya zo daga baya ya gaskata hakan.

Na daɗe a kan wannan ƙwaya ne saboda a nan tushen matsalar yake. Tsarin ya ɗauki rashin gaɓa a matsayin shaidar asali, alhali halitta na iya rasa abin da kakanninta ke da shi. Kuma yanayin tafiya sau da yawa mataki ne a rayuwar ƙwaya. Nagileriya, wadda ke shiga ta hanci daga ruwa mai ɗumi ta cinye ƙwaƙwalwa, amiba ce lokacin cin abinci, amma takan fitar da bulala biyu ta yi iyo na ɗan lokaci. Siforozowa ma da aka ce ba sa tafiya, da motsi aka gano babbansu: a 1880, a Aljeriya, Laveran ya ga zaruruwa suna bulala a jinin mai zazzaɓi, waɗanda daga baya aka gane ƙwayoyin namiji ne na Filasmodiyum. Matakin Filasmodiyum da sauro ke zubawa cikin fata kuwa sulalewa yake yi ba ƙafa ba bulala. Da madubin ilektaron ya nuna wasu kayan huda ƙwaya a tsinin kan siforozowa, Levine ya ba su sunan Afikomfuleksa a 1970, wato aka daina gane su da abin da suka rasa. A 1980 kwamitin da ya jagoranta ya fitar da rabo mai gida bakwai.

Ga mai shiga jarrabawa, idan an ce a kwatanta gidajen huɗu, ya ba da gaɓar tafiya, da hanyar ci, da cuta ɗaya ko biyu a kowanne. Amma kada ya rubuta cewa siforozowa ba sa motsi. Ya ce ba su da gaɓar tafiya a yawancin matakan rayuwarsu, suna sulalewa, namijin Filasmodiyum kuma yana da bulala. Kada kuma ya ce duk mai bulala tsotsa yake yi, domin Tirikomonas na haɗiyar bakteriya, Yugilina kuma da hasken rana take haɗa abincinta. Idan aka tambayi gidan Dayantamiba, amsar ita ce masu bulala, ko da yake da ƙafar ƙarya take tafiya.