Gwajin manhaja da sabar bogi

Gwajin manhaja da sabar bogi hanya ce ta auna yadda manhajar da ke aika buƙata ta HTTP take yi idan sabar ta gaza. Ana tayar da ƙaramar sabar a kan na'urar gwaji, a umarce ta da ta mayar da lambar kuskure, ko ta yi jinkiri, ko ta aiko da amsa gurɓatacciya, sannan a duba abin da manhajar ta yi. Sabar ta gaskiya ba ta lalacewa a lokacin da ake so, shi ya sa ake ƙirƙiro lalacewar da gangan.

Asali da kayan aiki

Galibi ana danganta dabarar maye gurbin wani sashe na manhaja da na bogi ga wata maƙala da Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig suka gabatar a shekarar 2000. Sabar bogi masu sauraro a kan soket na gaske sun yaɗu daga baya. Tom Akehurst ya fara WireMock a wajajen 2011, kamfanin Shopify ya samar da Toxiproxy wajen 2014, kamfanin Square kuma ya fitar da MockWebServer tare da OkHttp.

Kayan sun kasu gida biyu. Akwai masu tare buƙata tun a cikin manhaja, irin su responses na Python, waɗanda ba sa buɗe soket ko kaɗan. Suna da sauri, amma duk matsalar da ke aukuwa a kan layi ba sa ganinta. Gwajin jinkiri da yankewar haɗi sai da rukuni na biyu, wato sabar da ake haɗawa da ita da gaske.

Jinkiri

Nan ne aka fi samun gwajin da ya ci amma bai kama komai ba. A ɗauki manhajar da ke amfani da requests na Python, wanda ba ya sanya wa'adi sai an ba shi:

```
requests.get(url, timeout=(3, 5))
```

Lamba ta farko daƙiƙa 3 ce ta jiran haɗi, ta biyu daƙiƙa 5 ta jiran karatu. Idan aka sa fixedDelayMilliseconds na WireMock a kan 8000, sabar za ta yi shiru na daƙiƙa 8, manhajar ta jefa ReadTimeout bayan daƙiƙa 5, gwajin ya ci. Sai dai wa'adin karatu yana auna tsawon shirun da ke tsakanin isowar bayanai ne, ba jimillar lokacin amsar ba. Ana tona wannan da amsa mai ɗiga kaɗan-kaɗan:

```
"chunkedDribbleDelay": {
  "numberOfChunks": 10,
  "totalDuration": 20000
}
```

Sabar za ta raba amsar gida 10 cikin daƙiƙa 20, wato kimanin daƙiƙa 2 tsakanin kowane yanki da na gaba. Tun da shirun bai taɓa kai daƙiƙa 5 ba, wa'adin ba zai cika ba, manhajar za ta zauna har daƙiƙa 20 ta karɓi amsa lafiya. Saboda haka dole gwajin ya auna lokacin da kiran ya ɗauka, ya faɗi idan ya wuce iyakar da aka tsara. Gyaran shi ne a karanta amsar yanki-yanki ana duba agogo, ko a sanya wa'adi ɗaya da ya rufe kiran gaba ɗaya. A aikace ana rage lambobin zuwa ɗaruruwan milidaƙiƙa don gwaji ya yi sauri, amma idan aka rage su fiye da kima gwajin zai riƙa faɗuwa jefi-jefi a kan na'ura mai cunkoso.

Lambobin kuskure

Don gwada yadda manhajar ke sake aika buƙata bayan kuskure, ana jera amsoshin sabar: 503, sai 503, sai 200. Gwajin zai tabbatar cewa buƙatu uku cif suka isa sabar, kuma an mutunta Retry-After idan ya zo, kamar yadda yake zuwa da 429. Ana maye gurbin aikin jira da na bogi mai rubuta tsawon jiran kawai. Sake aika POST bayan 502 ko 504 abu ne da ake saɓani a kansa, domin mai yiwuwa sabar ta riga ta aiwatar da buƙatar farko. Tsarin asali na urllib3 ba ya sake aika shi.

Amsa gurɓatacciya

Waɗanda aka saba gwadawa su ne JSON da aka datse a tsakiya, da shafin HTML da ya zo da lamba 200, da ƙunshin da bai kai adadin Content-Length ba. WireMock yana da EMPTY_RESPONSE da CONNECTION_RESET_BY_PEER domin haɗin da ya yanke. Gwajin yana tabbatar da cewa manhajar ta fitar da kuskure irin nata mai bayyana dalili, kuma ba ta adana rabin bayani a rumbunta ba.