Waiwaye: yadda aka gano cewa danniya na narkar da ƙanƙara

Taswirar yanayin ruwa da ɗaliban kimiyya ke zanawa ta samo asali ne daga binciken ƙarni na 19. A kanta ana jera ma'aunin zafi a kwance, ƙarfin danniya kuma a tsaye, sai layuka uku su raba filin tsakanin ƙanƙara da ruwa da tururi. Inda layukan suka haɗu, yanayin uku na zama tare, kuma ga ruwa wannan mahaɗa tana kan digiri 0.01 na ma'aunin Celsius da danniya 612 a ma'aunin danniya na faskal, abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin iska a bakin teku ba. Layin da ke tsakanin ruwa da tururi yana da iyaka. Masanin kimiyya Cagniard de la Tour ya fara lura da hakan a 1822, sannan wani masanin, Thomas Andrews, ya bayyana shi dalla-dalla a 1869. Ga ruwa, layin yana ƙarewa a digiri 374 da danniya ninki 218 na nauyin iska, kuma daga nan ba a iya bambance ruwa da tururi.

Layin narkewa ne ya fi ban mamaki. A yawancin abubuwa yana karkata dama, amma na ruwa hagu ya karkata, wato ƙarin danniya na saukar da matakin narkewa, domin ƙanƙara ta fi ruwan da ta fito daga cikinsa cin wuri da kusan kashi 9 cikin ɗari. Danniya kuwa tana fifita yanayin da ya fi ƙarancin cin wuri. Masanin kimiyya James Thomson ya yi lissafin wannan sauka a 1849, ƙaninsa William, wanda daga baya aka sani da Kelvin, ya tabbatar da shi a 1850: kowane ninki ɗaya na nauyin iska yana saukar da matakin narkewa da kimanin digiri 0.0075 kacal.

Ana iya gwada wannan da dunƙulen ƙanƙara irin wanda masu sayar da kifi ke amfani da shi. A ce faɗinsa santimita 10, aka gitta masa wayar tagulla mai kaurin rabin milimita, aka rataya mata kilo 5. Danniyar da ke ƙarƙashin wayar za ta kai kusan ninki 10 na nauyin iska, wato matakin narkewa ya sauka da kimanin digiri 0.07. Ƙanƙarar ƙasan wayar ta narke, ruwan ya koma samanta inda babu danniya ya sake daskarewa, zafin da ya saki kuma ya bi ta tagullar ya narkar da ta gaba. Wayar za ta ratsa ta fita, dunƙulen yana nan a haɗe.

Gwajin yana da sharaɗi. Ƙanƙarar da ta fito daga firiza a digiri 18 ƙasa da sifili ba za ta narke da wannan nauyi ba sai ta ɗumama, kuma zaren nailan, da ba ya ɗaukar zafi sosai, da ƙyar yake motsawa. Ita ma dokar saukar matakin narkewa ba ta wuce danniya ninki 2,000 da 'yan kai na nauyin iska, wajen digiri 22 ƙasa da sifili. Daga nan wani nau'in ƙanƙara ne ke samuwa wanda ya fi ruwa nauyi, layin kuma ya juya dama.