Takardar firamare da shekarun ɗanki: a daina ragewa

Iyaye mata da iyaye maza na Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi, barkanmu da ƙoƙari. Maganar yau ba ta riga-kafi ba ce, amma da katin awo ta fara, shi ya sa ta biyo ta hannunmu mu ma'aikatan lafiya. Duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin jami'a, sai ga iyaye a wurin awo da 'ya'yansu manya, samari da 'yan mata, suna roƙon a duba musu tsohon littafi ko a sake musu katin awo, domin ranar haihuwar da ke takardar makaranta ta saɓa da ta takardar haihuwa. Wasu ma ba sa ɓoyewa: "Don Allah, nas, ki rubuta mana sabon kati da shekarar da ke takardar firamare." Ba ma yi, kuma ba za mu yi ba.

Mutane da yawa sun ɗauka takardar gama firamare hujja ce mai zaman kanta a kan shekarun yaro. A nan Gana babu jarrabawar ƙasa ta gama aji shida da ake ba da shaidarta. Yaro yana wucewa ƙaramar sakandare, ya yi shekara uku, sannan ya zauna BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta hukumar shirya jarrabawa ta WAEC. Abin da kike kira takardar firamare takardar shaida ce da hedimasta ya sa wa hannu da hatimi, wani lokaci ma katin bikin yaye ɗalibai ne mai ado da hoto, wanda ko ranar haihuwa babu a jikinsa. Idan akwai ranar haihuwa a takardar, daga littafin ɗaukar ɗalibai na makarantar aka kwafo ta. Littafin nan kuwa abin da aka faɗa wa malami ranar da aka kai yaro shi ya rubuta. Malamin bai je suna ba, bai san ranar da kika haihu ba. In an faɗa masa gaskiya takardar ta fito da gaskiya, in an rage masa shekara biyu ta fito a rage, da hatimi a kai.

A nan ne raina yake ɓaci. Yaro ya makara shiga boko, ya yi shekaru yana makarantar allo, ko an kawo shi daga arewa yana da shekara takwas. Ƙa'ida ita ce a shiga rabin aji da shekara huɗu, aji ɗaya da shekara shida. Sai uwa ta ji kunya, ko kawu ya ce a rage masa don ya samu aikin soja ko na 'yan sanda nan gaba, ko don ya daɗe kafin ritaya, ko don ƙwallo. Sai a ce wa malami shekararsa shida. Haba jama'a! Ɗan shekara takwas ba a korarsa daga aji ɗaya, kuma babu wanda zai hana shi zana BECE don ya girmi 'yan ajinsu. Me aka tsira da shi? Ba komai, sai wahalar da aka ajiye masa a gaba.

Wasu kuma ba da niyya ba ne, sakaci ne, kuma shi ma yana da zafi. An tura yaya ko goggo ta kai yaro makaranta, ba kati a hannunta. An tambaye ta ranar haihuwa, ta ce cikin azumi ne. Azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, to wane wata malami zai rubuta? Wata ta ba da ranar suna a madadin ranar haihuwa, an samu bambancin mako guda ke nan. Wani malamin da ya gaji sai ya rubuta 1 ga Janairu ya wuce. Akwai kuma juyin lamba: an haifi yaro 4 ga Maris, aka rubuta 03/04, sai mai karantawa ya mayar da shi 3 ga Afrilu. A nan ranar ake fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara.

Mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce an haifi yaro ranar 14 ga Maris 1999, haka yake a katin awo. Ba a yi masa rajistar haihuwa ba. Aka kai shi aji ɗaya a 2007 yana da shekara takwas, aka ce wa malami 2001 aka haife shi. Littafin makaranta ya ɗauki 2001, takardar gama firamare ta ɗauki 2001. Da ya kai aji uku na ƙaramar sakandare, makaranta ta yi masa rajistar BECE da abin da ke littafinta. Babbar sakandare ta karɓa daga nan, ta kai shi har WASSCE, jarrabawar gama babbar sakandare, shaidar ta fito da hotonsa da 2001. Bayan haka ya tashi yin Katin Gana, aka ce ya kawo takardar haihuwa. Mahaifinsa ya ɗauki katin awo ya je ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, aka ba shi takarda mai 1999. Yanzu mutum ɗaya yana da shekarar haihuwa biyu, kuma kowace da hatimin hukuma.

Ranar cike fom ɗin jami'a abin yake fashewa. Za a nemi lambar jarrabawarsa, a nemi ranar haihuwa, kuma in an ba shi gurbi zai kawo takardunsa na asali a gani da ido. Ma'aikacin da ya ga 2001 a sakamako da 1999 a takardar haihuwa yana da haƙƙin ya tambaya ko sakamakon nasa ne ko na ƙaninsa. Sai a shiga zirga-zirga: rantsuwa a gaban mai karɓar rantsuwa, wasiƙa daga tsohuwar makaranta, wani lokaci har da bugawa a gazet ta gwamnati a Akara, duk da kuɗi, ga wa'adin rajista yana ƙaratowa. Rantsuwa kuma bayani kawai take yi cewa takardun biyu na mutum ɗaya ne. Ba ta goge abin da aka riga aka buga a shaidar WAEC.

Ga inda ragin yake cizon mai shi sosai. Wanda sakamakonsa bai kai ba yana iya shiga jami'a ko kwaleji ta ƙofar manyan ɗalibai. Sharaɗin shi ne ya cika shekara 25, kuma makarantu da yawa suna rubuta cewa hujjar shekarun, takardar haihuwa ce ko wata takarda ta halal, sai ta kai shekara biyar da yi kafin ranar neman gurbi. An sa wannan ne don kada mutum ya je ya yi sabuwar takarda jiya ya ƙara wa kansa shekaru. Yaron namu ya cika 25 na gaskiya a Maris 2024. Takardar haihuwarsa mai 1999 sabuwa ce, ba ta kai shekara biyar ba. Tsofaffin takardun da suka cika sharaɗin, wato ta firamare da ta BECE, su kuma sun ce 23 yake da ita. Da an faɗa wa malamin aji ɗaya gaskiya, da wannan tsohuwar takardar firamare ce za ta tsaya masa, domin tsufanta shi ne ƙarfinta. A 2024 ɗin sai ya ga dole ya jira har 2026, saboda maganar da wani ya yi a bakin aji shekara goma sha bakwai baya.

Kun ga ba cewa nake yi takardar firamare banza ce ba. Tana da amfani, musamman ga wanda ba a yi wa rajistar haihuwa da wuri ba, da wanda katin awonsa ya tafi da ruwan ambaliya, abin da mutanen bakin rafin Aboabo suka sani sarai. Tana ƙarfafa takardar haihuwa idan bakinsu ya zo ɗaya, kuma ta fi ƙarfi idan an haɗa ta da kwafin shafin littafin ɗaukar ɗalibai mai lambar yaron da hatimin hedimasta. Amma ba ta maye gurbin takardar haihuwa, kuma mai ado da hoto wadda babu ranar haihuwa a jikinta sai dai a rataye a ɗaki.

Na san ba mugunta ce ta sa kuke yi ba. So ne, kuna neman wa yaro sauƙi. To ga sauƙin na gaske, ku yi shi tun yana hannu:

1. Mai jariri ta yi masa rajistar haihuwa kafin ya cika wata goma sha biyu, kyauta ce. Bayan nan sai an biya. A je da littafin awo da katin shaidar iyaye.
2. Ranar kai yaro makaranta a je da takardar haihuwa ko katin awo, a tsaya a ga abin da malami ya rubuta.
3. Mai yaro a firamare ya je wannan zangon karatu ya roƙi a buɗe masa littafin, a gwada da katin. In akwai saɓani a gyara yanzu, a hannun hedimasta ne kawai.
4. A aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin rajistar BECE, a ce yaro ya kawo bayanin da aka shigar a duba suna, rana, wata da shekara kafin makaranta ta rufe rajista.
5. A yi kwafin kowace takarda, a ɗauki hotonta a waya, a sa ta asalin a leda a ajiye a sama.

Na huɗun nan shi ne mashigar ƙarshe mai sauƙi. Da zarar an buga shaidar, gyara ya bar hannun hedimasta shi kaɗai, sai an bi ta makaranta zuwa WAEC da hujjoji, kuma babu tabbacin za a amince. Ku duba rubutun sunan ma a lokacin: Abdul Rahman a wata takarda, Abdurrahman a wata, sunan uba a nan, sunan kaka a can, duk tambaya ɗaya suke jawowa.

Wanda kuma abin ya riga ya faru da shi, kada ya ƙara yin takarda ta uku don ta rufe ta biyu, kuma kada ya kankare lamba da reza ko ya shafa farin ruwa a kai, wannan jabu ne, yana iya jawo a kore shi ko yana shekarar ƙarshe. Ya tattara duk abin da yake da shi, katin awo, takardar haihuwa, ta firamare, BECE da WASSCE, ya jera su ya ga inda saɓanin ya fara. Ya koma firamaren ya karɓi wasiƙa da kwafin shafin littafi, sannan ya je ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da yake nema ya nuna musu, ya tambayi irin rantsuwar da suke karɓa, tun kafin ya sayi fom.