Bayanin ƙarya lokacin ƙulla ciniki: warware ciniki da neman diyya

A dokar kwangila, bayanin ƙarya shi ne wani ya faɗa maka magana a kan abin da yake akwai ko ya riga ya faru, maganar ba gaskiya ba ce, kai kuma ka dogara da ita ka ƙulla ciniki. Idan haka ta faru cinikin bai mutu da kansa ba, yana nan daram har sai wanda aka cuta ya tashi ya warware shi, kuma wannan damar tana iya kuɓuce masa. Kotunan Legas suna bin tsarin shari'ar Ingila da aka gada ne a wannan fanni, shi ya sa za ka ji lauyoyi suna ta kawo tsofaffin hukunce-hukuncen can.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani ɗan kasuwa mai ɗauko albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mil 12 ta Legas ya je wajen masu sayar da manyan motoci a Apapa, aka nuna masa wata tokumbo, mai motar yace masa ba a taɓa buɗe injinta ba. Ya biya naira miliyan 20. Bayan sati biyu hayaƙi ya fara, bakanike ya sauke inji yace Alhaji ai wannan an taɓa buɗe shi, ga alamar walda ma a jiki, kuma da an sani motar ba za ta wuce miliyan 14 ba.

Wace magana ce doka take kamawa

Ba kowace ba. Da mai motar cewa yayi "wannan ai doki ce, ba irinta a Legas", wannan kirarin kasuwa ne, kotu ba ta kula shi. Ra'ayi ma haka, in dai da gaske mutum ra'ayinsa ya faɗa. A shari'ar Bisset da Wilkinson ta 1927 wani mai sayar da gona a ƙasar Niyu Zilan yace yana ganin filin zai ɗauki tumaki 2000, kuma shi da mai sayen duk sun san ba a taɓa kiwon tumaki a kansa ba, kotu tace hasashe ne kawai. Amma "ba a taɓa buɗe injin ba" magana ce da ko dai gaskiya ce ko ƙarya, toh ita doka take kamawa.

Shiru kuma a ƙa'ida ba ƙarya bane, mai kaya bai zama dole ya lissafa maka aibin kayansa ba, nan dokar ta sha bamban da abin da muka taso muna ji a wajen malamai cewa ɓoye aibi algus ne. Sai dai in ya faɗi rabin gaskiya da ke ɓatar da mutum, ko ya faɗi magana tana gaskiya daga baya ta sauya kafin a gama ciniki yayi gum, wannan ya shiga.

Sannan dole ace maganar tana cikin abin da ya sa ka saya. Idan Alhajin ya kawo bakanikensa ya duba inji kuma maganar bakaniken ya bi, ba ta mai mota ba, ƙararsa ta yi rauni. Amma in an ce masa je ka duba sai bai duba ba don ya yarda da mutumin, mai motar ba zai fake da "ai da ka duba" ba, haka aka yanke a shari'ar Redgrave da Hurd ta 1881.

Warware ciniki

Ko da gangan aka yi ƙaryar, ko sakaci ne, ko ma mai motar shi kansa bai sani ba, wanda aka cuta yana da ikon warwarewa, wato ya mayar da mota a mayar masa da miliyan 20 ɗinsa. Hanyar ita ce ya sanar da mai kayan ƙarara cewa ya fasa, gara a rubuce, ya kuma ajiye motar ya daina aiki da ita.

Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma abin yana damuna don yawanci kunya da kara ne ke jawo shi. Dillali zai zo yace haba Alhaji a yi haƙuri, mai mota zai biya rabin gyara, Alhaji ya karɓa, ya kuma loda albasa ya tura direba Sakkwato, mota ta mutu a hanya sannan ya dawo yana cewa a ba shi kuɗinsa. Kusan haka ya faru a shari'ar Long da Lloyd ta 1958 a Ingila, mutumin ya sayi babbar mota da aka ce lafiyarta ƙalau, a tafiyar farko ya ga matsaloli, ya yarda a raba kuɗin gyaran dayinamo, ya sake tura ta doguwar tafiya ta lalace, kotu tace ai ka riga ka amince da cinikin bayan ka san aibin, ba sauran fasawa.

Jinkiri ma yana kashe damar. A shari'ar Leaf ta 1950 wani ya sayi zane da aka ce na shahararren mai zane ne, sai bayan shekara 5 ya gano ba haka bane, aka ce ya makara. In zamba ce dai, ana fara lissafin ne daga lokacin da ka gano ko ya kamata ka gano. Haka nan in ba za a iya mayar da kayan kusan yadda suke ba, misali an farke motar an sayar da sassanta a kasuwar Ladipo, ko ta riga ta koma hannun wani da ya saya da kuɗinsa bai san komai ba, warwarewa ta ƙare.

Diyya

Ita kuma ta dogara ne da abin da ke zuciyar mai maganar. Zamba, yadda aka fassara ta a shari'ar Derry da Peek ta 1889, ita ce ya faɗa yana sane ƙarya ce, ko bai yarda da gaskiyarta ba, ko bai damu ba ko gaskiya ce ko ƙarya. In aka tabbatar da haka Alhaji zai iya riƙe motar ya nemi bambancin, miliyan 20 a cire 14 saura miliyan 6, a ƙara masa asarar da ta biyo kai tsaye kamar kuɗin janwe. Ko ya mayar da mota ya karɓi kuɗinsa ya nemi sauran asarar kawai, ba zai ci biyu ba. Sai dai tabbatar da zamba aiki ne, sashe na 135 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 yace in ka zargi mutum da laifi ko a ƙarar farar hula ce sai ka tabbatar ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, don haka saƙon murya na waya, rasit, da shaidar bakaniken da ya fara buɗe injin tun farko sun fi rantsuwa amfani.

In sakaci ne, wato mutum mai sanin harkar da ya san da maganarsa za ka dogara ya faɗa bai bincika ba, ana iya neman diyya bisa hukuncin shari'ar Hedley Byrne ta 1963. In kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ma haka aka gaya masa a inda ya sayo kuma ba yadda zai sani, toh warwarewa ce kawai ba diyya. Ingila ta sassauta wannan da dokarta ta 1967 amma wannan dokar ba ta aiki a Najeriya.

Shi ya sa lauya zai fara tambayarka ko an sa maganar injin a takardar ciniki. In an rubuta ta, ta zama sharaɗin kwangila, sai ka kai ƙarar saɓa alkawari ka nemi diyya ba sai ka tono abin da ke zuciyar kowa ba.