Gurnani, Zafi da Warin Mai a Taransifomar Unguwa

Taransifomar unguwa ita ce na'urar da ke karɓar wutar lantarki daga babban layi mai ƙarfin 11 kV ko 33 kV, wato bolt dubu 11 ko dubu 33, ta sauko da ita kan layuka uku masu bolt 415 tsakanin layi da layi, wato kusan bolt 240 a cikin gida. A Kebbi da Zamfara, kamar Sakkwato da Kaduna, rarraba wutar na hannun Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kaduna, kuma taransifomomin da aka fi gani a unguwanni su ne masu 200, 300 da 500 kVA, wato ma'aunin yawan lodin da za su iya ɗauka. A cikin tankin akwai ƙarfe mai falle-falle, an naɗe shi da waya mai rufin takarda, an nutsar da su duka cikin mai. Man yana aiki biyu: yana hana wuta tsallakawa daga naɗi zuwa naɗi, yana kuma kwashe zafi ya kai wa fika-fikan da ke jikin tankin. Abubuwa uku ne mai wucewa zai iya lura da su ba tare da ya taɓa komai ba: sauti, zafi da wari. Mutane sun fi tsorata da sauti, alhali zafi ne ke kashe mafi yawan taransifomomin da lodi ya yi wa yawa.

Sauti

Taransifoma mai lafiya ba ta yin shiru. Duk lokacin da maganaɗisu ya ratsa ƙarfen cikinta, ƙarfen yana ɗan miƙewa ya koma, miƙewar da ido ba ya gani. Wutar Najeriya tana zagayawa sau 50 a daƙiƙa, ƙarfen kuma yana motsi sau biyu a kowane zagaye, don haka gurnanin da ake ji na bugu 100 ne a daƙiƙa. Sauti ne mai kauri, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan gurnani ya fi bin ƙarfin bolt da ke shigowa, ba yawan gidajen da ke jan wuta ba. Ko an cire dukkan fis na ɓangaren gidaje, muddin babban layi na haɗe, za ta ci gaba da gurnaninta. Shi ya sa ake ganin kamar ta fi ƙara cikin dare: gari ya yi tsit, kuma idan lodi ya ragu a kan layin, bolt yakan ɗan hau.

Saboda haka ƙarfin sauti shi kaɗai ba ya nuna matsala. Canjin sauti ne abin kula. Idan gurnanin ya ƙaru sosai ya zama mai kaifi, kuma ƙwayayen fitila a gidaje suna haske fiye da kima ko suna yawan ƙonewa, mai yiwuwa bolt ya wuce abin da aka gina ta a kai, ƙarfen ya cika da maganaɗisu har ba ya iya ɗaukar ƙari. Wannan yakan faru idan an ɗaga makunnin daidaita bolt a lokacin da wuta ke zuwa da rauni, sannan aka manta da shi bayan layin ya gyaru. Makunnin yawanci matakai biyar gare shi, kowane mataki kashi 2.5 cikin 100, kuma ba a juya shi sai an kashe taransifomar gaba ɗaya.

Idan kuwa kwaramniya ake ji a kan gurnanin, galibi noti ne ya kwance, ko murfin akwati, ko ƙarfen da aka ɗora ta a kai. Wannan mai sauƙi ne in dai daga waje yake. Tartsatsi mai ƙas-ƙas a saman tankin yana nuna wuta na rarrafe a kan tangaran ɗin da wayoyi ke shiga. A wannan yanki an fi samun sa bayan hunturu: ƙura ta kwanta a kan tangaran wata da watanni, yayyafin farko ya jiƙa ta bai wanke ta ba, sai ta zama hanyar wuta. Akwai kuma lokacin da fis ɗaya cikin ukun da ke kan babban layi ya faɗi, sautin ya canza, wasu gidaje su samu cikakkiyar wuta wasu rabi. Injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse mai layi uku da aka bari yana aiki a wannan hali yana iya ƙonewa.

Sautin da ba a jira da shi shi ne na tafasa ko fashe-fashe daga cikin tankin. Ma'anarsa wuta na tsallake a cikin mai, iska na taruwa. A nan sai a janye mutane nesa, a kira ma'aikatan wuta su kashe layin.

Zafi

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60076 ta yarda man da ke saman tanki ya ɗara iskar waje da digiri 60 idan taransifoma na ɗauke da cikakken lodinta. Amma ƙa'idar ta ɗauka cewa iskar wajen ba za ta wuce digiri 40 ba, kuma matsakaicin zafin shekara digiri 20 ne. Duk wanda ya yi bazara a Birnin Kebbi ko Argungu ya san watan Afrilu yakan haura 40 da rana, matsakaicin shekara ma ya wuce 20 nesa ba kusa ba. Ke nan taransifomar da aka rubuta wa 300 kVA, in ba an gina ta musamman don ƙasa mai zafi ba, bai kamata a riƙa cika ta maƙil a bazara ba.

Abin da zafi ke ci shi ne takardar da ke rufe wayar. An auna cewa idan wuri mafi zafi a cikin naɗin yana digiri 98, takardar na tsufa daidai yadda aka tsara. Duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan. Takardar da ta gasu ba ta komawa daidai ko an canza mai. Tana zama mai saurin karyewa, ranar da wayoyi biyu suka haɗu a unguwa wuta mai yawa ta girgiza naɗin, sai ta tsage.

A ɗauki misalin taransifoma mai 300 kVA a wata unguwa a Birnin Kebbi. Iyakar amfiya, wato yawan wutar da kowane layi zai ɗauka, ana samun ta ne idan aka raba 300 kVA, wato 300000, da bolt 415 sau 1.732, lambar da ake amfani da ita a lissafin wuta mai layi uku:

```
I = 300000 / (1.732 × 415) ≈ 417 A
```

Da ƙarfe takwas na dare a watan Afrilu, lokacin da fankoki, firji da na'urorin sanyaya ɗaki ke aiki, ma'aikaci ya auna layukan uku da mitar da ake maƙala wa waya. Jan layi ya ba da amfiya 480, rawaya 390, shuɗi 250. In aka raba jimillar gida uku, 373 ne, kusan kashi 90 cikin 100 na iyakarta, sai a ce ai lafiya lau. Ba lafiya ba. Jan layin ya wuce iyaka da kashi 15 cikin 100, kuma zafin da waya ke haifarwa yana bin ninkin wutar da kanta ne: 1.15 sau 1.15 ya ba da 1.32, wato ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku a wannan naɗi. Wayar nutural kuma, wato ta huɗu da wuta ke komawa ta cikinta, wadda ya kamata ta ɗauki abu kaɗan, tana jan kusan amfiya 200.

A ce iskar waje digiri 36 ce a wannan lokaci, man saman tanki ya kai 88. Cikin naɗin jan layi zai ɗara man da kamar digiri 22, ya kai 110. Wannan ya wuce 98 da digiri 12, ninki biyu ke nan a jere, don haka takardar na tsufa sau huɗu: awa ɗaya tana cin ta awa huɗu. Kuma duk wannan yana faruwa gurnanin bai canza wani abin a zo a gani ba.

Maganin ba sabuwar taransifoma ba ne. Idan aka kwashe gidaje masu jan kimanin amfiya 105 daga jan layi aka mayar shuɗi, za a samu 375, 390 da 355, kowanne ƙasa da 417. Matsalar ita ce daidaiton ba ya daɗewa, domin da zarar layi ɗaya ya yi rauni sai masu gidaje su kira mai gyara ya mayar da su layin da ya fi haske, kowa ya taru a wuri guda. Aunawa sau ɗaya a shekara ba ta isa ba.

Idan lodi daidai yake amma zafin bai sauka ba, sai a duba mai. In ya ragu har ya sauka ƙasa da bakin saman fika-fikan, ya daina zagayawa: saman tanki ya yi zafi ƙwarai, fika-fikan su yi sanyi. Yoyo ke jawo haka, ko ɓarayin mai, waɗanda sukan kwance bawul ɗin ƙasa idan an ɗauke wuta. Ana gane bambancin da ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo daga nesa. Shi ne kuma ke tona haɗin waya da ya kwance, inda bakin waya ɗaya zai fi 'yan'uwansa zafi. Ba a gwada zafin taransifoma da tafin hannu.

Mai da warinsa

Sabon mai garai-garai yake, launinsa fari-fari zuwa rawaya mai haske, warinsa kaɗan. Idan ya daɗe yana shan zafi da iska sai ya yi duhu, ya soma wari mai tsami, ya riƙa ajiye dauɗa mai kauri a ƙasan tanki da hanyoyin da yake bi. Dauɗar na rage sanyaya, zafi ya ƙaru, man ya ƙara lalacewa. Wannan lalacewa ce ta sannu a hankali, ana iya tace man ko a canza shi.

Ƙauri daban ne. Man da ya yi baƙi, yana warin ƙuna, da ɓurɓushin baƙi a ciki, shaida ce wuta ta riga ta tsallaka ko takarda ta ƙone. Taransifomar da fis ɗinta ya faɗi kuma aka ji wannan ƙauri ba a mayar mata da wuta, balle a ɗaura waya mai kauri a madadin fis, kamar yadda ake yi a wasu unguwanni idan an gaji da duhu. Man yana iya kamawa da wuta idan ya kai wajen digiri 140, tanki kuma yana iya fashewa.

Hanci yana da iyaka. Ruwa, babban abokin gaban mai, ba shi da wari. Yana shiga ta inda tankin ke shaƙar iska idan mai ya huce ya tsuke, shi ya sa ake sa ƙwayoyin silika a ƙaramar kwalba a gefe su tsotse danshi. Masu launin shuɗi suna komawa ruwan hoda idan sun ƙoshi, kuma a damina suna saurin ƙoshi. Gwajin da ke nuna gaskiya shi ne a ɗebi man a sa tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, a yi ta ƙara bolt har wuta ta tsallaka. Idan ta tsallaka ƙasa da 30 kV, man bai cancanci ci gaba da aiki ba sai an tace shi an busar.

A manyan taransifomomin tasha ana ƙara gwada iskar da ta narke a cikin man. Haidirojin na nuna ƙananan tartsatsi, itilin na nuna wani wuri ya yi zafi ƙwarai, asitilin kuwa, iskar da masu walda da kabaid suka sani, ba ta fitowa da yawa sai wuta ta tsallaka da zafin da ya haura digiri 700. Irin waɗannan taransifomomi suna da na'urar Buchholz, wadda aka ƙirƙiro a 1921, mai tara iskar ta buga ƙararrawa ko ta yanke wuta. Yawancin ƙananan na unguwa ba su da ita, fis ne kawai ke tsaron su.

Man taransifoma ba na girki ba ne, ba na shafawa ba ne. Wasu tsofaffin taransifomomi na ɗauke da sinadarin PCB mai guba, wanda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa cikin abubuwan da za a kawar, kuma ba a gane shi da ido ko hanci. Inda man ya zuba a ƙasa, a hana yara da dabbobi zuwa wurin har sai an kwashe ƙasar da ta jiƙa.