Fartanya ba ta kai wa rumbun ciyawa

A gonakin Damagaram, daga Mirriya zuwa Magaria, za ka ji dattijo ya dafa hauya yana cewa, "Ɗana, ciyawa ruwa ke kawo ta." Ba haka ba ne, Baba. Ruwa tada ta yake yi kawai. Irinta na kwance cikin ƙasa tun shekarun baya, rumbu guda, kuma ba ya tsirowa gaba ɗaya. Kowace damina kaɗan ke farkawa, sauran na barci. Wani ma kaftun da ka yi ne ya ɗago shi sama ya ga haske.

Dubi ƙuduji a gonar gero. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, masu iya jira fiye da shekara 10 har sai sun ji saiwar hatsi kusa. Kafin ya leƙo sama ya riga ya tsotse geron. Abin da ke ba ni takaici: lokacin da yake fure an gama maimai, an jingine hauya, sai a bar shi ya zuba. Nan ne za a tumɓuke shi da hannu kafin irin ya nuna, a fitar da shi daga gona a ƙone.