Wane Cuku Ne Ke Ajiyuwa, Wane Ne Ba Ya Kwana Uku?

Jama'a, idan kuna so ku san kwana nawa cuku zai yi bai lalace ba, ku duba yawan ruwan da ya rage a jikinsa, domin a cikin ruwan nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.

Mu fara da ɗanyen cuku irin na matan Fulani, wanda ake kira wara ko wagashi. Ana ɗora madara a wuta, a zuba ruwan ganyen tumfafiya, sai ta tsinke, farin ƙullu ya taso. A kwashe shi a ƙaramin kwando ya tsane. Wajen lita 5 ta madara ke ba da kilo 1. Yana da laushi da damshi, fiye da rabinsa ruwa ne, shi ya sa in ba firji ba ya wuce kwana 2 zuwa 3. Masu sayarwa kan sake tafasa shi kullum cikin ruwan gishiri, wasu su rina shi ja da karan dafi, don ya ƙara kwanaki. Idan kika taɓa kika ji yauƙi, ko ya fara wari, 'yar'uwa, zubar da shi duka. Kada ki yanke gefe ki ci sauran. Mai juna biyu kuwa, ina roƙonki, kada ki ci sai an tafasa ko an soya, domin akwai ƙwayar cutar da ke girma ko a cikin firji, tana kuma iya jawo ɓari.

Daɗaɗɗen cuku, irin Cheddar na Ingila, ana matse ruwansa, a sa gishiri, a ajiye a ɗaki mai sanyi daga wata 3 har shekara 2. Parmesan na Italiya sai ya cika wata 12 kafin a sayar. Yana fitowa da tauri da ƙarfin ɗanɗano, yana kuma yin makonni a firji bayan an yanka. In fumfuna ta fito masa, a yanke wurin da kewayensa kamar faɗin yatsa biyu, sauran ya ciwu. Cukun Abzinawa da ake shanyawa a rana har ya bushe ƙamas, rashin ruwan ne ke sa shi yin watanni, ko da yake busarwa daban take da ajiye cuku ya nuna irin na Cheddar.

Na uku shi ne na kamfani, mai kusurwa uku cikin takardar gwangwani. A Suwizalan aka fara yin irinsa a 1911. Ana narka cuku da wani gishiri na musamman da ke hana maiƙo rabuwa da ruwa, a rufe shi da zafinsa. Yana da ruwa, amma zafi da rufin ne ke kare shi tsawon watanni. Da an buɗe, kariyar ta tafi, sai a sa a firji a cinye cikin 'yan kwanaki. Gishirinsa na da yawa, mai hawan jini ya rage. In kunshin ya kumbura ko ya huje, kada a ba yaro.